YADDA ƊAN ƘAMUS KE GYARA KURAKURAN DA NA'URA KE MAIMAITAWA A RUBUTU

 Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba da waɗanda suka fi son karatu.

Tun da muka fara saka rubutun shirye-shiryenmu a nan, tambayar da ta fi zuwar mini ita ce: wai da hannu kake zama ka buga duk wannan? A'a wallahi. Manhajar da ke juya murya zuwa rubutu ce ke yin zagayen farko, ni kuma in bi baya in gyara. To wannan bin bayan shi ne maganarmu ta yau, musamman wani ɓangare nasa da yake cin lokaci ba gaira ba dalili, wato kurakuran da na'ura ke yi ta maimaitawa a kan sunaye da kalmomin sana'a.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don da shi za mu yi misali har ƙarshen shirin.

Kwanakin baya na yi hira da wani dattijo manomin rani a yankin Kura, cikin jihar Kano. Hirar ta kai minti 48. Baba ya yi magana a kan ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga, ya yi a kan shinkafa da tumatir, ya yi a kan tsadar taki. Na zuba muryar a manhaja, ta ba ni rubutu. Da na duba sai na ga ko'ina ta rubuta sunan garin da ƙaramin baƙi, "kura". Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na buɗe wurin nema da sauyawa, na ce duk "kura" ta koma "Kura", na danna sau ɗaya, na ji daɗina.

Allah ya taimake ni wata abokiyar aikina ta karanta kafin mu wallafa. Ta kira ni ta ce, "Malam, kana so ka haɗa mu faɗa da mutanen gari guda?" Ashe a wani wuri Baba yana maganar dillalan taki, ya kawo karin maganar nan ta ba kura ajiyar nama. Gyarana ya mayar da ita "an ba Kura ajiyar nama". A wani wurin kuma yana maganar hunturu ya ce ƙura ta hana tumatir kyau, rubutu ya koma "Kura ta hana tumatir kyau". Kun ga na'ura ta yi kuskure ɗan ƙarami, ni kuma garin gyara na sa wa dattijo maganar da bai faɗa ba.

Daga ranar na daina gyaran kai-tsaye, na koma aiki da abin da nake kira ɗan ƙamus.

ME YA SA KUSKUREN YAKE MAIMAITUWA?

Sai mun fahimci wannan kafin ƙamus ɗin ya yi ma'ana. Manhajar juya murya ba ta san ma'anar abin da aka faɗa ba yadda ni da ku muka sani. Tana ɗaukar sauti ne, ta zaɓi jerin kalmomin da a lissafinta suka fi dacewa da shi, bisa abin da ta saba gani a lokacin da aka horar da ita. Kalmar da ta gani sau dubbai tana da ƙarfi a wurinta. Kalmar da ba ta taɓa gani ba, ko ta gani sau kaɗan, ba ta da ƙarfi.

To ku duba sunayen da ke cikin hirar Baba: Bunkure, Kadawa, Garun Malam. Mu a wurinmu sanannun wurare ne, amma a cikin rubuce-rubucen da ake horar da na'ura da su ba su da yawa. Shi ya sa in ta ji "Garun Malam" sai ta jawo abin da ta fi sabawa da shi, ta rubuta "garin malam". Sautin ya yi kusa, jimlar ma ta zauna daidai a Hausa, sai dai ba wurin ba ne.

Kuma tunda mutum ɗaya ne ke magana, da murya ɗaya, a makirfo ɗaya, duk lokacin da ya faɗi sunan kusan sauti ɗaya na'urar take ji, don haka kusan kuskure ɗaya take yi. Wani lokacin takan yi shi ta fuska biyu ko uku, amma ba ta cika wuce haka ba. Wannan maimaicin shi ne damar da muke da ita. Kuskuren da ke zuwa sau ɗaya sai kunne. Kuskuren da ke zuwa sau ashirin da kama ɗaya, ana iya rubuta shi a jeri a gyara shi gaba ɗaya.

MENE NE ƊAN ƘAMUS ƊIN?

Ba wani abu ne mai wahala ba. Tebur ne a Excel ko Google Sheets, ko ma a littafi in abin ya zo da haka. Nawa yana da gida huɗu a kowane layi. Gida na farko, abin da na'ura ta rubuta. Na biyu, yadda ya kamata a rubuta. Na uku, rukunin da kuskuren yake, wanda zan yi bayaninsa yanzu. Na huɗu kuma, inda na tabbatar da rubutun daidai: daga bakin mai sunan ne, daga allon da ke bakin gari ne, ko daga jikin buhun iri.

Gida na huɗun nan kada ku raina shi. In ka saka kuskure a gidan "daidai", to ka ɗauki kuskure ɗaya ka raba shi ko'ina cikin rubutunka, kuma da hannunka. Sunayen mutane sun fi komai wannan matsalar. Muhammad, Muhammadu da Mamman ba abu ɗaya ba ne a wurin masu su. Tun kafin ka kashe rikoda ka tambayi baƙonka yadda yake rubuta sunansa, ka rubuta a gabansa.

Akwai kuma shawarar da kai ne za ka yanke, ba na'ura ba. Haɗeja za ka rubuta ko Hadejia? Garun Malam ko Garun Mallam? Duka ana ganinsu a rubuce. Mu a shafin nan mun zaɓi rubutun Hausa, Haɗeja da Garun Malam, muka saka a ƙamus, magana ta ƙare. Amfanin haka shi ne duk wanda ya karɓi gyaran shiri a cikinmu zai rubuta iri ɗaya, kuma mai neman tsohon shiri da sunan gari zai same shi.

YADDA AKE TARA SHI

Kuskuren da na ga mutane na yi shi ne su zauna su cika ƙamus da duk sunan da suka sani tun kafin su ga rubutun. Jerin sunaye kafin hira yana da amfani, amma rabin aiki ne, domin ba ka san ta wace fuska na'ura za ta ɓata su ba sai ka gani.

Ga yadda nake yi. Da farko nakan ajiye kwafin rubutun farko yadda ya fito, ba na taɓa shi. A kan kwafi na biyu nake aiki. Sai in saka abin sauraro a kunne, in bi minti goma na farko, ina ji ina karantawa. Duk sunan wuri, sunan mutum, sunan hukuma ko kalmar sana'a da ta fito ba daidai ba, ba na gyara ta a wurin. Sai in kwafe ta yadda take in kai tebur, sannan in neme ta a cikin dukan rubutun da Ctrl+F in ga sau nawa ta fito. In sau ɗaya ce, in gyara ta da hannu in wuce. In ta kai uku, ta samu layi a ƙamus.

Bayan minti goman farko sai in tsallaka tsakiya in ɗauki minti biyar, in je ƙarshe in ɗauki biyar, saboda hira takan sauya batu. A hirar Baba, farkonta duk maganar ruwa ce da garuruwa. Sai a tsakiya ya shiga maganar iri da ƙwari, nan ne sababbin kalmomi suka ɓullo.

Misali, ya ambaci irin shinkafar nan FARO 44, amma lambar da Turanci ya faɗe ta kamar yadda manoma da yawa ke yi. Na'ura ta rubuta "faro fotifo" a wasu wurare, a wasu kuma "faru foti fo". Ya kuma ambaci Tuta absoluta, tsutsar nan da ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a arewacin Najeriya a 2016. Sunan kimiyya ne, amma da yake "tuta" kalma ce a Hausa, na'ura ta riƙe ta daidai, ta ɓata ta biyun: "tuta absaluta", "tuta af saluta". Kowace fuska layinta daban a tebur, amma duka suna nuni ga gyara ɗaya.

RUKUNI UKU

Nan ne zuciyar maganar. Ba duk layin da ke ƙamus ake yi wa aiki iri ɗaya ba. Ni na raba su uku, kuma tambaya ɗaya ce ke raba su: wannan abin da na'ura ta rubuta, zai iya zama daidai a wata jimlar?

Rukuni na farko shi ne wanda amsar ita ce a'a. "Bun kure" ba komai ba ne a Hausa in ba Bunkure ba. "Faro fotifo" ba ya nufin wani abu daban. "Tuta absaluta" haka. Waɗannan za ka iya cewa a sauya su duka a lokaci ɗaya, hankalinka kwance.

Rukuni na biyu shi ne wanda amsar ita ce e. "Garin malam" zai iya zama Garun Malam, zai kuma iya zama garin wani malami da gaske. "Kadawa" zai iya zama sunan wurin, zai iya zama "kaɗawa" da na'ura ta cire wa lanƙwasa, kamar a ce iska tana kaɗawa. Ita kuwa "kura" fuska uku gare ta. Da na koma na ƙirga a hirar Baba, ta fito sau 31: sau 25 garin ne, sau 5 ƙura ce ta hunturu, sau ɗaya dabbar ce. Irin waɗannan ba a danna musu Replace All. Ɗaya bayan ɗaya ake bi, ka karanta jimlar, ka sauya ko ka wuce. Guda 31 ba su kai ni minti biyar ba.

Akwai dabarar da ke rage wannan aikin. Kalmar ita kaɗai tana da ruɗani, amma in ka haɗa ta da maƙwabciyarta ruɗanin yakan tafi. "Karamar hukumar kura" ba ta da wata fassara sai ƙaramar hukumar Kura. "Kura da bunkure" haka. Sai ka saka waɗannan dogayen a rukuni na farko, su tafi da kansu, abin da ya rage ka bi da ido.

Mu masu Hausa rukuni na biyun nan ya fi yi mana yawa, saboda dalili biyu. Na ɗaya, haruffa masu lanƙwasa. Rubutun Hausa da yawa a intanet ba a saka musu ƙ, ɗ da ɓ, don haka na'ura ma takan bar su. Da zarar lanƙwasa ta faɗi, ƙasa da kasa sun zama ɗaya, baƙi da baki sun zama ɗaya, ƙafa da kafa sun zama ɗaya. Wanda ya ce duk "kasa" ta koma "ƙasa" zai wayi gari da "gwamnati ta ƙasa biyan kuɗin". Na biyu, sunayen garuruwanmu da yawa kalmomi ne na yau da kullum. A cikin ƙananan hukumomi 44 na Kano kaɗai akwai Gaya, akwai Tofa, akwai Doguwa, ga kuma Kura. Ka ce a mayar da duk "gaya" babban baƙi, ka ga yadda "na Gaya maka" za ta cika maka shafi.

Rukuni na uku shi ne wanda ido ma ba ya raba gardama, sai kunne. A nan nake saka sunayen da suka yi kama da juna kuma dukansu na gaske ne. FARO 44 da FARO 52 duka irin shinkafa ne. Tofa da Dawakin Tofa ƙananan hukumomi ne daban-daban, haka Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. In na'ura ta haɗiye rabin sunan, ko ta rubuta lambar da ba ka yarda da ita ba, jimlar ba za ta gaya maka gaskiya ba. Aikin ƙamus a nan tuni ne kawai: duk inda ka ga wannan, koma ka saurara.

TARKO UKU WAJEN SAUYAWA

Ko a rukuni na farko akwai inda ake zamewa.

Tarko na farko, kalma a cikin kalma. Kwamfuta jerin haruffa take nema, ba ta san iyakar kalma ba sai ka gaya mata. Ranar da na yi waccan ɓarnar, ba karin maganar Baba kaɗai na lalata ba. "Haƙura" da na'ura ta rubuta "hakura" ta koma "haKura", "takura" ta koma "taKura". A Word, in ka danna Ctrl+H ka buɗe More, akwai akwatin Find whole words only. Ka saka masa alama duk lokacin da kalma ɗaya kake nema. Akwai kuma Match case, wanda ke bambanta babban baƙi da ƙarami.

Tarko na biyu, wanne za a fara. Baba ya ambaci hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are sau da dama. Ina da layi biyu a ƙamus: "jama'a re" ya koma "Jama'are", sai "hade ja jama'a re" ya koma "Haɗeja-Jama'are". In na fara da gajeren, rubutun zai zama "hade ja Jama'are", dogon kuma in ya zo ba zai ga abin da yake nema ba, sai a bar ni da rabin gyara. Ƙa'idar ita ce dogo kafin gajere, kullum.

Tarko na uku, alamar nan ta ɗauri da ke cikin Jama'are da 'ya'ya. Iri biyu ce a kwamfuta, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasasshiya. A ido kusan ɗaya suke, amma wasu manhajojin suna ɗaukarsu a matsayin abu biyu. In ka tabbata kalma tana cikin rubutu amma nema ya ce babu, fara zargin wannan alamar. Maganinsa shi ne ka mayar da su duka iri ɗaya tun kafin ka fara, kuma abin da za ka saka a gidan kuskure ka kwafo shi daga rubutun, kada ka buga da hannu.

GA MASU ƊAN TAƁA KWAMFUTA

In layukan rukuni na farko sun kai talatin ko arba'in, bin su ɗaya-ɗaya a Word kowane mako yana gundura. Ga wasu 'yan layukan Python da ke yin aikin. Ka fitar da rukuni na farko kaɗai zuwa fayil mai gida biyu, kuskure da daidai, ba tare da layin kai ba. In a Excel kake, zaɓi CSV UTF-8 wajen ajiyewa, in ba haka ba ƙ da ɗ za su iya komawa alamar tambaya.

```python
import csv, re
rubutu = open("shiri.txt", encoding="utf-8").read()
jeri = list(csv.reader(open("kamus.csv", encoding="utf-8-sig")))
jeri.sort(key=lambda layi: len(layi[0]), reverse=True)
for kuskure, daidai in jeri:
    nema = r"\b" + re.escape(kuskure) + r"\b"
    rubutu, sau = re.subn(nema, daidai, rubutu, flags=re.I)
    print(kuskure, sau)
open("gyararre.txt", "w", encoding="utf-8").write(rubutu)
```

Abin da yake yi shi ne abin da muka faɗa. Yana jera dogo kafin gajere, alamar `\b` tana tsare iyakar kalma, kuma yana ajiye sakamakon a sabon fayil ba ya taɓa na asali. Amma layin da na fi so shi ne na `print`, wanda ke nuna sau nawa kowane gyara ya yi aiki. Ku riƙa karanta waɗannan lambobin. In layin da kake tsammanin zai taɓa wuri biyar ya taɓa tamanin, to ya kama wata kalmar da ba ita kake nufi ba, a mayar da shi rukuni na biyu. In kuma ya nuna sifili alhali ka san Baba ya faɗi sunan, to na'ura ta ɓata shi ta wata sabuwar fuska da ba ka kama ba tukuna.

YAYA ZA KA SAN GYARAN YA YI?

Abu biyu nake yi. Na farko, in nemi kalmar da na gyara, ba wadda na cire ba. Wato in nemi "Kura" mai babban baƙi, in karanta kowace jimla da ta fito a ciki. Da na yi haka tun farko, da ni zan kama maganar ajiyar nama da kaina. Na biyu, in kwatanta kwafin farko da na biyu. Word yana da Compare a ƙarƙashin Review, yana nuna duk inda aka taɓa. Wannan ne dalilin ajiye kwafin farko.

Sannan kada ku yi mamaki in kun ga lissafi bai nuna wani gagarumin sauyi ba. Masu wannan fanni suna auna ingancin rubutu da yawan kuskure a cikin kalmomi: a haɗa kalmomin da aka musanya, da waɗanda aka tsallake, da waɗanda aka ƙaro, a raba da adadin kalmomin da aka faɗa da gaske. A ce hira tana da kalma 6,000, na'ura ta yi kuskure 900, kashi 15 cikin ɗari ke nan. A ce ƙamus ya gyara 120, saura 780, wato kashi 13. A lamba kamar ba a yi komai ba. Amma waɗancan 120 ɗin su ne sunan gari, sunan iri, sunan hukuma. Mai karatu zai iya cike gurbin "da" ko "ne" da ta ɓace da kansa, amma ba zai iya gane cewa "garin malam" Garun Malam ake nufi ba in bai san yankin ba.

ABIN DA ƘAMUS BA ZAI YI MAKA BA

Gara in faɗi wannan ƙarara, don kada wani ya ɗauka ya huta da sauraro.

Ƙamus yana gyara abin da aka rubuta ba daidai ba ne kawai. Abin da na'ura ta tsallake gaba ɗaya, babu abin da za a nema balle a sauya. A Hausa wannan yana da haɗari, domin ƙaramar kalma irin "ba" in ta faɗi, magana takan juye. Haka lambobi: buhu sha biyar da buhu hamsin, babu jerin da zai raba maka su. Haka inda mutum biyu suka yi magana tare, ko inda injin ban ruwa ya rufe murya. A irin wuraren nan wasu manhajojin sukan ƙirƙiro jimla mai kyau wadda ba wanda ya faɗe ta. Don haka bayan ƙamus ya gama nasa, har yanzu sai na saurari hirar daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya. Bambancin shi ne yanzu hankalina yana kan ma'ana, ba ya tsayawa kowane minti a kan Bunkure.

Wani abin kuma, ƙamus na gyaran kuskuren na'ura ne, ba na gyaran bakin mutum ba. In baƙo da kansa ya faɗi suna ba daidai ba, ko ya faɗi kalma da karin harshen garinsu, wannan ba kuskuren ji ba ne. A bar masa maganarsa, in ana bukata a yi ɗan bayani a gefe.

Sai maganar amana. In wani ya yi magana da sharaɗin a sakaya sunansa, kada sunan ya shiga ƙamus ɗin da kuke rabawa a tsakaninku. Tebur yana yawo daga waya zuwa waya fiye da yadda muke zato.

KADA A JEFAR DA SHI BAYAN SHIRI

Ribar ƙamus tana fitowa ne a shiri na biyu da na uku. Amma a raba shi gida biyu. Akwai na dindindin, mai ɗauke da sunan shiri, sunayen masu gabatarwa da kalmomin da kullum ake faɗa. Akwai kuma na kowane batu, noma daban, lafiya daban. Dalili shi ne gyaran da ya zauna lafiya a hirar noman rani zai iya yin ɓarna a wata hirar. In kuma kun sauya manhaja, ko an sabunta wadda kuke amfani da ita, ku sake gwada minti goman farko, domin gidan "daidai" yana nan yadda yake, amma gidan kuskure zai iya sauyawa.

Wasu manhajojin ma suna ba da damar a ba su sunayen tun kafin su fara. Whisper, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 kuma Hausa na cikin harsunan da yake karɓa, yana da `--initial_prompt` inda ake saka 'yan kalmomi don a karkato da shi. Wurin ba shi da faɗi, don haka sunaye mafi muhimmanci ake zaɓa, kuma taimako ne kawai, ba tabbas ba. Gyaran baya yana nan daram.

Hirar Baba dai mun wallafa ta, Kura tana gari, ƙura tana hunturu, kura kuma tana cikin karin maganarta. Wanda zai gwada a wannan makon, ya ɗauki rubutu ɗaya, ya saurari minti goma, ya fitar da layi goma, kuma kafin ya sauya kowanne ya tambayi kansa ko wannan kalmar za ta iya zama daidai a wata jimlar.